Hotuna Huɗu Kafin Ka Ba Yaro Magani

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son yin sa ina fasawa, saboda akwai laifina a ciki. Amma ga damina ta kama, zazzaɓi ya dawo gidajenmu, kuma kusan kullum sai na ga an turo hoton magani a zaurukan WhatsApp na mutanen Sabon Birni da Isa ana tambaya, "Don Allah wanga na kirki ne?" Sai mutum goma su amsa, kowa da tasa fatawar, kuma akasarinmu ba mu san abin da muke dubawa ba. Ni ma haka nake har daminar 2024.

Waɗanda suka san ni sun san a Sakkwato nake aiki, amma dangina duk suna gida. Ni ba likita ba ne, ba kuma masanin harhaɗa magunguna ba ne, ma'aikacin ofis ne kawai. Sai dai a gidanmu duk wanda ya yi jami'a likita ne, lauya ne, kuma injiniya ne. Wata ranar Talata da daddare ƙanwata ta turo min hoto ɗaya tare da saƙon murya. Ta ce, "Yaya, Ummi ce ba ta da lafiya tun jiya, jikinta zafi ƙwarai. Wanga magani anka ba mu kemis, ka duba muna in shina da kyau." Ummi shekararta biyar a lokacin. Na buɗe hoton, na ga fuskar kwali fes, da sunan maganin zazzaɓin cizon sauro wanda kowa ya sani, wato haɗin atimita da lumefantirin, na kuma hango lambar NAFDAC a ƙasa. Ban yi minti ɗaya ba na rubuta mata, "Ba matsala, ai da lambar NAFDAC, ku ba ta." Na ajiye waya na yi barci.

Ranar Juma'a da safe ta kira ni tana kuka. An gama ba yarinya maganin kwana uku cif, ƙwaya biyu safe biyu yamma, amma zazzaɓi bai sauka ba, yanzu ma ko ruwa ta sha sai ta amayar, idonta ya yi fari. Kun san yadda hanyoyinmu suke. Daga ƙauyensu zuwa gari ba tafiyar da mutum zai tashi kawai ya kama ba ce, sai an tambaya ko hanya lafiya, sai an samu mai mashin ɗin da zai yarda. Allah Ya taimaka aka fito da ita ranar, aka kwantar da ita asibiti, aka yi mata allurai da ƙarin jini. Ummi tana nan da ranta, alhamdulillahi, bana ma ta shiga aji biyu. Amma kwana ukun nan da aka ɓata, da amincewata aka ɓata su.

Bayan hankali ya kwanta sai na tura wa wani abokina hoton. Tare muka yi sakandare, shi ya karanci harhaɗa magunguna, ya fi shekara goma sha biyar yana aikin. Amsar da ya ba ni ta ba ni kunya. Ya ce, "Mutumina, wannan hoton ba ya faɗin komai. Fuskar kwali ita ce wurin da mai jabu ya fi kashe kuɗinsa. Ce mata ta turo gefen kwalin, da bayan katin." Sa'ar da muka yi, ƙanwata ba ta yar da kwalin ba, kuma katin da aka ɓare ƙwayoyin yana cikinsa. Abin da zan faɗa daga nan, a kan hotunan nan na koye shi.

Abu na farko da ya nuna min shi ne lambar rukuni. Kamfanin magani ba ya yin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, zubi yake yi, kamar yadda mai gidan burodi yake kwaɓa fulawa zubi guda ya gasa. Kowane zubi yana da lambarsa, kuma kamfani yana da littafin da ya rubuta ranar da aka yi shi, da ranar da wa'adinsa zai ƙare, da ƙasar da aka aika shi. A jikin kwali za ka ga an rubuta BATCH NO ko B.NO ko LOT, ita ce lambar rukunin. Kusa da ita akwai MFG ko MFD, watan da aka yi maganin ke nan, sai EXP, watan da zai yi isfaya. Ka'idar mai sauƙi ce. Tunda katin da kwalinsa a layi ɗaya aka haɗa su a masana'anta, dole lambar rukunin da ke kan kwali ta zama ita ce a kan kati, harafi da harafi, haka ma watan ƙarewa.

A maganin Ummi ba haka abin yake ba. Lambar kwali ta ƙare da 07, ta kati ta ƙare da 19. Kwali ya ce EXP 10/2026, gefen kati kuma ya ce 10/2025. Shekara guda cur tsakaninsu. Abokina ya ce abu biyu ne ke kawo haka. Ko dai jabu ne, an buga kwalaye a wuri ɗaya an yi katuna a wani wuri, ba wanda ya damu su dace. Ko kuma wani ya ɗauki kati daga wani wuri ya cusa a kwalin da ba nasa ba. Ko wanne ne a ciki, in ji shi, maganin ya fita daga hannun amana, ba a ba yaro shi. Na tambaye shi ko ba zai yiwu mai kemis ne ya yi kuskuren mayar da kati a wani kwalin ba. Ya ce yana yiwuwa, shi ya sa ba a tsayawa kan alama ɗaya, sai a ci gaba da dubawa.

Abu na biyu shi ne yadda aka buga lambobin, ba abin da suka ce kaɗai ba. Wannan ban taɓa lura da shi ba a rayuwata. Kwalin magani sau biyu ake buga shi. Zane da launi da sunan magani, ana buga su tun farko a maɗaba'a, kwali dubbai iri ɗaya. Lambar rukuni da kwanan wata kuwa sai ranar da ake zuba maganin ake sa su, saboda suna canzawa daga zubi zuwa zubi. Shi ya sa a kwali na gaskiya yawanci za ka ga rubutunsu ya bambanta da sauran. Wani lokaci ɗige-ɗigen baƙar tawada ne, wani lokaci an danna su ne cikin kwalin har yatsa yana jin su, kuma sau da yawa an bar musu ɗan fili marar ƙyalli don tawadar ta kama. A kwalin Ummi lambobin sumul suke, launinsu da ƙyallinsu ɗaya da na sauran rubutun, alamar an buga su ne lokaci guda da zanen. Wanda ya yi haka, kowane kwali nasa lamba ɗaya zai ɗauka. Wannan ba hujja ce yankakkiya ba, domin na'urori sun bambanta, amma idan ta haɗu da ta farko sai zargi ya yi ƙarfi.

A nan ne kuma ake kama wata cutar daban, wato maganin gaskiya da ya yi isfaya aka sabunta masa kwanan wata. Idan an goge tsohon rubutu da wani ruwa, wurin yakan dusashe ko ya yi tabo. Idan an kankare, fatar kwalin takan tashi. Wasu kuma 'yar farar takarda suke mannawa a kai. A kati, dabarar da aka fi yi ita ce a yanke gefen da kwanan watan yake da almakashi. Duk katin da aka miƙo maka gefensa a yanke, babu lamba babu wata, kada ka karɓa. Na san a ƙauye ana yanka kati a sayar da ƙwaya biyu ko huɗu saboda rashin kuɗi. In dole ta sa haka, a nuna maka cikakken katin da kwalinsa kafin a yanka. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a saye shi guntu, sai cikakke na kwana uku.

Abu na uku shi ne bayan katin, wato farar takardar alminiyam mai ƙyalli da ake ɓarewa a ciro ƙwaya. A masana'anta na'ura ce take manna ta da zafi, shi ya sa za ka ga wani ɗan zane kamar saƙar raga ko ƙananan ɗigogi ya bi ko'ina a kewayen ramukan ƙwayoyin, bai ɗaya, babu inda ya ɓace. Sunan magani da ƙarfinsa da sunan kamfani suna maimaituwa a kanta cikin tsari, layi a miƙe. Lambar rukuni da watan ƙarewa yawanci suna can gefe, ko an danna su ko an buga da tawada. A katin Ummi zanen ragar ya fito a sama, a ƙasa ya shafe, kusurwa ɗaya ta ɗaga, kuma rubutun ya karkace har rabin sunan kamfanin ya fita daga katin. Ƙanwata ta ce da ta goga da ɗan yatsa mai danshi, tawadar ta biyo yatsan. Mannin nan ba ado ba ne. Shi yake hana iska da danshi shiga. Katin da bai mannu ba, ko da maganin kirki aka zuba a ciki, zafin ƙasarmu da danshin damina za su iya lalata shi.

Da ƙwayoyin suna nan, da an duba su su ma, amma Ummi ta riga ta shanye. Abin da ake dubawa shi ne su zama girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, babu wadda ta farfashe, babu gari a cikin ramin, babu tabo. Ƙwayar atimita da lumefantirin rawaya ce. Idan ka ga wata ta yi fari-fari wata ta yi duhu a kati ɗaya, ka tsaya.

Abu na huɗu shi ne wanda na dogara da shi ya yaudare ni, lambar NAFDAC. Ni a tunanina lambar nan kamar hatimi ce da hukuma ta buga a kan kowane kwali bayan ta duba shi. Ashe ba haka ba ne. Lambar rajista ce da ake ba nau'in magani guda na kamfani guda, kamfanin da kansa yake bugawa a kwalayensa. Wanda ya iya kwaikwayon kwali, rubuta 'yan lambobi ba zai gagare shi ba. Amfaninta yana fitowa ne idan ka bincika ta. Hukumar tana da rajistar magunguna mai suna Greenbook, akwai ta a intanet akwai kuma manhajar waya. Ka rubuta lambar, sai ka duba ko sunan maganin da ƙarfinsa da kamfanin da suka fito su ne a kan kwalinka. Abokina ya sa lambar kwalin Ummi, sai ga wani magani daban na wani kamfani daban ya fito. A nan ya ce min, "To, yanzu alama huɗu ke nan. Ni dai ba zan ba ɗana wannan ba."

Akwai kuma wurin kankarewa. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin nan na kankare jikin kwali kamar katin waya, a ga lamba, a tura ta saƙon tes kyauta a samu amsa, kuma an fi ganinsa a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikin gajerun lambobin da ake turawa ita ce 38353, akwai wasu kaɗan, kowane kwali yana faɗin tasa. Abin lura biyu ne. Idan an riga an kankare kafin ka saya, kada ka karɓa. Idan kuma kwalin ya ce ka tura zuwa doguwar lambar waya irin tawa da taka, ka yi hattara, domin mai jabun zai iya zama shi ne zai amsa maka. Matsalarmu a gabashin Sakkwato ita ce sabis. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda 'yan bindiga, kuma ko yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau a kankare a tura tun ana cikin gari, a gaban mai kemis, kafin a hau mashin.

Ka da ku ɗauka wannan magana ta lambar rukuni ƙaramar magana ce. A 1995 an yi babbar annobar sanƙarau a Nijar, aka kai gudunmawar allurar rigakafi daga Najeriya. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura garin allurar ba ya narkewa yadda aka saba. Da aka tuntuɓi kamfanin da sunansa ke jikin kwalaben, sai ya duba littafinsa ya ce lambobin rukunin da kwanakin ƙarewar ba su dace da abin da ya yi ba. Jabu ne, babu sinadarin rigakafin a ciki, kuma an riga an yi wa mutane dubbai. Haka a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun Coartem da ke yawo a yammaci da tsakiyar Afirka. Masu jabun sun kwaikwayi kwalin kamfanin, har da tambarin koren ganye da shaidar NAFDAC ta ƙarya, amma da aka gwada babu maganin a ciki. Abin da gargaɗin ya ba jama'a su duba shi ne lambobin rukuni, irin su F1901 da F2261. Har yau haka NAFDAC take yi, duk sanarwar da ta fitar kan jabun magani za ka ga lambar rukuni da kwanan wata da hoton kwalin. Don haka idan ka samu lambar a hoto, ka neme ta a cikin sanarwowin hukumar.

Yanzu bari in faɗi kuskurena na biyu, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bayan abin Ummi sai na koma ina ganin jabu a ko'ina. Wani ɗan uwanmu a Isa ya turo hoton maganin da ya saya wa mahaifiyarsa, rubutun ya yi dishi-dishi, launin kwalin ya yi duhu ba kamar wanda na sani ba, babu kuma lambar NAFDAC. Nan take na rubuta a zaurenmu cewa jabu ne, saura kaɗan in kama sunan mai shagon. Abokina ya kira ni ya ce in goge. Ya ce dishi-dishin da nake gani ba na kwali ba ne, na hoto ne. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma ƙananan rubutu su ne suke fara lalacewa. Duhun launin kuma, da daddare aka ɗauka da hasken tocila. Da aka sake ɗauka da rana, rubutu ya fito tsaf, sai ga shi da Faransanci: LOT, FAB, EXP, lambar kwali da ta kati kuma iri ɗaya.

Mu mutanen bakin iyaka dole mu fahimci wannan. Tsakaninmu da Maraɗi da Gidan Rumji da Madawa auratayya ce da kasuwa, kuma mutanenmu da yawa da suka yi gudun hijira can suna zuwa suna dawowa. Maganin da aka yi don kasuwar Nijar ba zai ɗauki lambar NAFDAC ba, kuma kwalinsa zai iya bambanta da na Najeriya ko da kamfani ɗaya ne. Wannan bai mai da shi jabu ba. Amma bai wanke shi ba, domin ba shi da rajista a nan, ba za ka iya bincikarsa a Greenbook ba, ba ka kuma san kwana nawa ya yi a rana a bayan mashin ko a tiren mai talla ba. Wanda aka karɓo daga asibiti ko famasi a can da takardarsa daban, wanda aka tsinta a kasuwar ƙauye daban. Kamfanoni ma sukan sauya zanen kwalinsu. Saboda haka launi shi ne mafi raunin alama a hoto. In kana son kwatanta launi ko ingancin bugu, ka ajiye wanda kake zargi kusa da wanda ka amince da shi, ka ɗauke su a hoto ɗaya, haske ɗaya. A nan ne za ka ga idan ƙananan haruffa sun cushe, ko launi ya zarce layinsa, ko an yi kuskuren harafi a sunan magani ko adireshin kamfani. Kuskuren harafi alama ce mai ƙarfi. Rashin kuskure kuwa ba shaida ba ce, masu jabun yanzu sun iya rubutu.

To ga abin da na roƙi danginmu su riƙa yi, kuma shi nake roƙon ku. Hotuna huɗu, ba ɗaya ba. Na farko fuskar kwali gaba ɗaya, da sunan magani da ƙarfinsa da lambar NAFDAC. Na biyu, wanda ya fi duka, gefen kwalin da lambar rukuni take, a ɗora gefen katin kusa da shi yadda lambobin biyu za su fito a hoto ɗaya. Na uku bayan katin gaba ɗaya. Na huɗu gaban katin, ƙwayoyin suna fitowa. A ɗauka da rana, a inuwa ko bakin ƙofa, a kashe fitilar kyamara, domin alminiyam yana mayar da haske ya rufe rubutu. Idan lambar dannanniya ce ba ta tawada ba, a ɗan karkata katin haske ya zo ta gefe, sai inuwar lambobin ta fito. A goge idon kyamara da gefen riga, a taɓa kan rubutun a allon waya har ya fito sarai. Wajen turawa a zaɓi Document maimakon Gallery, ko a danna HD, don kada a matse hoton. In sabis ba zai ɗauka ba, a karanto lambobin biyu da kwanan watan a saƙon murya. Wannan ma ya fi hoton fuskar kwali amfani.

Sai babbar maganar da nake son ta zauna a zukatanmu. Hoto yana iya kama jabu, amma ba ya iya wanke magani. Idan lambobi sun saɓa, ka samu dalilin ƙin sa. Idan komai ya dace, abin da ka sani kawai shi ne kwalin ya yi kyau, ba ka san abin da ke cikin ƙwayar ba. Manyanmu za su tuna maganin haƙoran yara na My Pikin a 2008, wanda ya kashe yara fiye da tamanin a ƙasar nan. Ba kwaikwayon kwali aka yi ba, guba ce ta shiga cikin ruwan maganin tun wajen haɗawa. Babu hoton da zai nuna wannan, sai ɗakin gwaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kusan magani ɗaya cikin goma ko jabu ne ko bai kai inganci ba, kuma marar ingancin yakan zo ne a kwalinsa na gaskiya. Don haka idan aka turo maka hoto, kada ka taɓa rubuta "ba matsala" kamar yadda na rubuta. Ka ce, "Ban ga abin zargi a kwalin ba, amma ku sa ido a kan yaron."

Sa idon nan shi ne ya fi komai. Rashin samun sauƙi ba kullum yake nufin jabu ba. Wataƙila ciwon ba zazzaɓin cizon sauro ba ne tun farko, shi ya sa gwajin jinin yatsa kafin a sha magani yake da amfani. Wataƙila yaro ya amayar da ƙwayar, ko an ba shi ƙasa da nauyinsa. Wannan magani da nauyi ake ba da shi. Mai ƙarfin 20/120, yaron da ke tsakanin kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha kowane lokaci, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, sau shida cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da nono ko abinci mai ɗan maiƙo. Amma duk yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa sha, ko yake amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ba lokacin hoto ba ne, lokacin neman hanyar asibiti ne. Haka idan an kwana biyu ana ba da magani zazzaɓi bai nuna alamar sauka ba.

Mai kemis ɗin da ya sayar wa ƙanwata, mijinta ya koma masa da kwalin. Bai yi musu ba, jikinsa ya yi sanyi. Ya ce shi ma wani mai kawo kaya ne ya sauke masa da rahusa, lokacin da ya yi makonni bai iya fita sari ba saboda hanya, kuma 'ya'yansa ma daga cikin kwalayen ya ba su. Ya kwashe sauran daga kanta. Na yarda da shi, domin na san halin da ake ciki. Inda hanya ta mutu, ma'aikatan lafiya suka janye, kuɗin magani ya ninka, nan mai jabu yake samun kasuwa. Mun ga yadda aka mayar da 'yan maganin Sabon Gari ta Kano zuwa Dangwauro a 2024, mun ga NAFDAC ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba a farkon 2025. Aiki ne mai kyau, amma kafin tasirinsa ya iso Gatawa ko Bafarawa, idonmu ne ma'aikacin da ke bakin aiki.

Idan kun ci karo da irin wannan, kada ku yar da kwalin, kada kuma ku yi gaggawar yaɗa sunan mai shago a Facebook. Ku ajiye kwali da kati da sauran ƙwayoyin a leda, ku rubuta inda aka saya da ranar, a kai wa ma'aikacin lafiya mafi kusa ko a isar da shi ofishin NAFDAC na Sakkwato, su ke da ikon gwadawa da bin sawun kayan. Masu kemis ɗinmu kuma, don Allah duk wanda ya kawo muku kaya ku buɗe kwali biyu ko uku a gabansa ku haɗa lambobin, ku nemi rasit mai ɗauke da lambar rukuni. Wanda ya ƙi ba da rasit ya riga ya ba ku amsa.

Shekaranjiya ƙanwata ta sake turo min saƙo, wannan karon ƙanen Ummi ne ba lafiya. Hotuna huɗu suka shigo a jere, kafin in buɗe sai ga muryarta: "Yaya, na riga na duba, lambar kwali da ta kati duk ɗaya ce, kuma mun yi gwajin jini. Kai dai duba muna ta NAFDAC ɗin, nan babu sabis mai ƙarfi." Na duba, ta dace. Na ce mata ban ga abin zargi ba, su ba shi da nono, kuma in zuwa jibi jikin bai sauka ba su fito da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir. Wanda yake da 'yan uwa a gida, ya karanta musu sashen hotuna huɗun nan a waya.